KAJIN KIRSIMATI: NAWA ZA MU KAI KASUWAR SABON GARI?

Kowace shekara idan damina ta fara ja da baya, ƙungiyoyinmu na gama kai sukan zauna a kan magana guda, watau 'yan tsaki nawa za a saya domin Kirsimati. Shugaba ya faɗi nasa, ma'aji ya faɗi nasa, shugabar zumuntar mata ta ce bara ai kaji sun yi kasuwa, a ƙara. Daga ƙarshe wanda ya fi murya shi ne ke yin nasara. Kuɗin kuwa na jama'a ne, wani ma rance ne da aka ɗauko a kan amfanin gona. Idan kaji suka yi kwantai, sai a shiga watan Janairu ana ciyar da su da kuɗin da aka tanada domin takin bana. Idan kuwa suka kasa, masu saye su koma wurin wani, wataƙila ba za su sake dawowa ba.

Akwai hanyar da ta fi gardama sauƙi. Littafin ciniki na shekarun baya, in an san yadda za a karanta shi, yana iya gaya mana kusan abin da kasuwa za ta ɗauka. Lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama firamare ba: tarawa ne da rabawa. Wahalar tana wajen sanin wane adadi ne za a tara, wanne ne za a gyara, wanne kuma za a jefar. A kan wannan za mu tsaya, kuma za mu ɗauki kasuwar da yawancin ƙungiyoyinmu na kewayen Kano suka dogara da ita.

Kasuwa biyu a wuri ɗaya

Kwaciri da Sabon Gari duka suna cikin ƙaramar hukumar Fagge, amma bukukuwansu ba su zuwa rana ɗaya. Sabon Gari an kafa ta ne tun farkon zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin baƙi 'yan Kudu da ma'aikata. Har yanzu can ne majami'u suka fi yawa a Kano, can ne kuma babbar kasuwar da ake kira Kasuwar Abubakar Rimi. Bikin da ke motsa cinikinta shi ne Kirsimati da Sabuwar Shekara, sai Ista. Kwaciri da Rijiyar Lemo da Fagge kanta kuwa yawancin mutanensu Musulmi ne, cinikinsu yana tashi ne da azumi da Sallah biyu. Mai kaji ɗaya yana iya sayar wa duka biyun, amma kada ya haɗa lissafinsu a shafi ɗaya.

Akwai wani hali na Sabon Gari wanda baƙon ɗan kasuwa ba ya saurin gane shi. Da yawa daga mazauna unguwar ba su yin Kirsimati a Kano. Tun daga tsakiyar Disamba manyan motoci suke cika a tashar New Road, mutane suna tafiya garuruwansu na Kudu da na tsakiyar ƙasa. Kafin su tafi sukan yi taron ƙarshen shekara na ƙungiyoyi da na unguwa da na ikilisiya, su kuma yi kyauta ga maƙwabta da abokan ciniki. Saboda haka wanda ya ce zai riƙe kayansa sai jajibirin Kirsimati domin farashi ya hau, yana iya tarar da cewa wani kaso na masu sayensa sun riga sun ƙetare Lokoja. Yawan wannan kaso ya bambanta daga rumfa zuwa rumfa. Littafinku ne kaɗai zai nuna naku, shi ma sai in an rubuta kwanan wata a gefen kowane ciniki.

A ƙirga kai, a bar naira

Kafin a fara tara kome, sai a duba da me aka rubuta cinikin. Ma'ajinmu da yawa suna rubuta kuɗi kawai: ran kaza an sami naira kaza. Wannan ya isa domin binciken asusu, amma ba ya amfani wajen kintace. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin kome ya tashi, a 2024 kuwa hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Ƙungiyar da ta sami kuɗi a 2024 fiye da na 2022 tana iya zama ta sayar da kaji kaɗan ne da tsada. In ta ɗauka kasuwarta ta buɗe ta ƙara 'yan tsaki, ta yaudari kanta. Don haka abin da za a ƙirga shi ne kan kaza, ko kiret na ƙwai, ko kwano, ko buhu. Idan littafin da na kuɗi ne kaɗai, a nemi farashin da aka sayar a shekarar, a raba, a sami adadin kai ko da kusa-kusa ne.

Sa'an nan a yanka wa bikin iyaka, a riƙe ta kowace shekara. A misalin da za mu bi, lokacin Kirsimati ya fara ran 8 ga Disamba, ya ƙare ran 1 ga Janairu. Duk kazar da aka sayar kafin wannan ko bayansa ba ta cikin lissafi.

Misali daga littafin ma'aji

A ce wata ƙungiya tana kiwon kajin nama a ƙauye, tana kawo su ta sauke wa masu rumfa a Sabon Gari, waɗansu kuma a sayar a bakin majami'a da cikin unguwa. Alƙaluman da za mu kawo na koyo ne, kowace ƙungiya ta sa nata a gurbinsu. Littafin ya nuna a 2021 an sayar da kaji 420, a 2022 an sayar da 450, a 2023 an sayar da 330, a 2024 kuma 530. Mai gaggawa zai tara su ya sami 1,730, ya raba gida huɗu, ya ce matsakaicin ya kusa 433. Lissafinsa daidai ne, amma uku daga cikin adadin nan huɗu ba su faɗi abin da kasuwa ta nema ba.

Mu fara da 2021. An kai 420, an sayar da na ƙarshe ran jajibirin Sabuwar Shekara, ba wanda aka sallama hannu banza, ba kuma abin da ya ragu. Wannan shekara ce mai tsabta, adadinta ya zauna yadda yake.

A 2022 an kai 450, amma sun ƙare ran 23 ga Disamba. Bayan nan mutane sun yi ta zuwa ana ba su haƙuri. Ashe 450 iyakar abin da ke cikin keji ne, buƙata ta fi haka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a cikin irin wannan lissafi, gama littafin ciniki yana rubuta wanda ya saya, ba ya rubuta wanda ya koma. Ƙungiyar da kayanta suke ƙarewa da wuri kowace shekara, kuma take kintace da abin da ta sayar, za ta daɗe tana kawo kaɗan, tana murna cewa ba ta yi kwantai ba, alhali tana tura masu sayenta ga maƙwabci. A misalinmu an yi sa'a, wanda ke tsaron rumfa ya riƙa jan layi a bayan littafi duk lokacin da wani ya zo da kuɗinsa bai samu ba. Da aka cire masu taya kawai da waɗanda suka zo sau biyu, sai aka sami kaji 60. Buƙatar 2022 ke nan ta zama 510.

Shekarar 2024 kishiyar wannan ce. Da ɗokin abin da ya wuce aka kai 530. Zuwa ran 1 ga Janairu an sayar da 480, saura 50 aka yi ta fama da su har tsakiyar wata, aka karyar wa masu gashin kaji. Ma'aji ya rubuta duka 530 a matsayin an sayar, kuma bai yi ƙarya ba, amma hamsin ɗin nan ba Kirsimati ce ta saye su ba. Adadin da za a ɗauka shi ne 480.

Saura 2023, ita ce mai buƙatar tunani. Idan aka ga shekara ta faɗi ƙasa haka, tambaya ɗaya za a yi: kasuwa ce ta ƙi, ko kuwa mu ne muka kasa kawowa? In an kai kaji da yawa mutane suka kasa saye domin aljihu ya bushe, to, wannan shekara shaida ce ta gaskiya, dole ta shiga lissafi, domin irinta tana iya dawowa. Kada a cire ta don kawai ba ta yi daɗi ba. Amma a misalinmu, sanyin hunturu da ciwo ne suka kashe 'yan tsaki tun suna sati biyu, 330 kaɗai suka kai kasuwa, suka ƙare tun ran 20 ga wata, ba wanda kuma ya rubuta waɗanda aka sallama. Wannan adadi labarin ɗakin kaji yake bayarwa, bai san kome game da Sabon Gari ba. Sai a ajiye shi gefe, a rubuta dalili a kusa da shi domin wanda zai gāji littafin.

Yanzu muna da 420 da 510 da 480. Jimla 1,410, a raba uku, 470. Tsakanin wannan da 433 na mai gaggawa akwai kaji 37. Wani zai ce ai ba yawa. Amma a lura, a nan kurakuran sun ɗan rufe wa juna asiri ne, ɗaya ya rage ɗaya ya ƙara. In da shekaru biyu a jere aka yi kwantai, ko biyu a jere kaya suka yanke, da ratar ta fi haka nesa.

Shekara nawa ya kamata a tara? A ganinmu uku zuwa biyar. Ɗaya ko biyu sun yi kaɗan, gama abin da ya faru sau ɗaya zai rinjayi lissafin. Fiye da biyar kuma yakan jawo zamanin da ya wuce, lokacin da masu kaji ba su yi yawa haka ba, ko lokacin da rumfar take wani layi. In kuwa adadin yana hawa kowace shekara ba fashi, kamar 300 sai 350 sai 400, matsakaici zai ba da 350, wanda ke bayan kasuwa. A irin wannan hali sai a duba yawan ƙarin da ake samu kowace shekara, a ɗora shi a kan na bara, amma sai an san dalilin hawan, kamar sabon mai abinci da ya fara saye a wurinmu. Akwai kuma shekarun da duk ƙasa ta san ba na yau da kullum ba ne. Kullen cutar korona a Kano a watan Afrilu na 2020, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023 gabanin Ista da azumi, da gobarar da ta ci Kasuwar Sabon Gari ana gobe Ista a watan Maris na 2016, duka sun ɓata cinikin lokacinsu. Wanda littafinsa ya ratsa irin waɗannan sai ya sa musu alama.

A tsaya a tsakiya, ko a gusa?

Adadin 470 tsakiya ce kawai. Shekarun da muka tara sun nuna buƙata tana iya sauka zuwa 420, tana iya hawa zuwa 510, watau kamar hamsin ƙasa ko arba'in sama. Wannan tazara ita ma ilimi ce, kuma ya kamata a faɗa wa 'yan ƙungiya tun farko, domin kada a kama wuyan ma'aji idan kaji ashirin suka ragu. In tazarar ta yi faɗi ƙwarai, a ce ɗari biyu a wata shekara ɗari shida a wata, to matsakaicin ba shi da ƙarfi, sai a fi dogara ga masu ba da kafin alƙalami.

Ko za a kai 470 daidai, ko a ɗan ƙara, ko a ɗan rage, wannan ya dogara ga wace asara ce ta fi ciwo. A ce kaza ɗaya ta ci naira 8,000 daga kwali zuwa kasuwa, ana sayar da ita 11,000 a lokacin biki. Duk kazar da aka nema ba mu da ita, mun rasa ribar 3,000. Wadda ta yi kwantai kuwa ta ci gaba da ci. Kazar nama da ta kai sati takwas tana cin abin da ya kusa giram 200 a rana, watau kaji ɗari da suka ragu suna lashe kusan buhu guda mai kilo 25 kowace rana da 'yan awoyi, girmansu kuwa ya riga ya ja baya. A ce ta ƙara cin na 1,500 kafin a sallama ta a 7,000 cikin Janairu, lokacin da kowa ke neman kuɗin makaranta. Asararta 2,500 ke nan. Tun da asarar biyu sun yi kusa da juna, sai a tsaya kusa da tsakiya, 470.

Ga sauran kaya hukuncin yana canzawa ko da lissafin iri ɗaya ne. Tumatir da tattasai da latas na fadama, in sun kwana biyu ba a saya ba sun zama na zubarwa, don haka mai su ya tsaya ƙasa da matsakaici, gara kaya su yanke. Shinkafa da wake da man gyaɗa kuwa in sun ragu suna jiran Janairu ba abin da ya same su sai kuɗin da ya kwanta, mai su yana iya haurawa sama da matsakaici ba tsoro. Ƙungiyar da ta ci rance mai ruwa kuma, ko wadda asarar kaji hamsin za ta hana ta sayen taki, ta gusa ƙasa kaɗan ko da lissafi ya ce tsakiya. Wanda ke da jari mai kauri ne ke iya jure shekara mara kyau ya jira mai kyau.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Adadin kasuwa ya samu, saura a mayar da shi 'yan tsaki. Ba duk wanda aka saya ke kai wa kasuwa ba. Nan ma a koma ga littafi: cikin kowane ɗari, nawa suke mutuwa a hannunmu a shekara mai lafiya? A ce shida. Kenan 94 ke tsira cikin ɗari, sai a raba 470 da 94 a ninka da ɗari, a sami 500. Ana sayar da 'yan tsaki a kwali mai hamsin, saboda haka kwali goma. Kada a ƙara shida cikin ɗari a nan, a sake ƙara wani abu "don ko-ta-kwana", shugaba kuma ya ƙara nasa a hanya. Ta haka ne 470 ke zama 600 ba wanda ya san yadda aka yi. Abinci kuwa, in an ɗauka kowace kaza za ta ci kamar kilo biyar zuwa sati bakwai ko takwas, kaji 500 suna buƙatar kilo 2,500, watau buhu ɗari. Gara a san wannan tun Satumba da a gane shi a tsakiyar Nuwamba kaji suna kuka.

Daga nan sai a duba yadda cinikin ya rabu cikin kwanakin biki, a nan ne kwanan watan da aka rubuta yake biyan wahalarsa. A yi wa kowane mako nasa matsakaicin. A ce ya fito haka: daga 8 zuwa 14 ga Disamba kaji 70, daga 15 zuwa 21 kaji 210, daga 22 zuwa 25 kaji 140, daga 26 zuwa Sabuwar Shekara kaji 50. Duka 470. Kun ga a wannan rumfa fiye da rabin ciniki ya wuce kafin 22 ga wata. In an kawo 'yan tsaki duka rana ɗaya da nufin su nuna ran 23, an rasa makon da ya fi kowanne.

Sai a raba su kashi biyu. Kashi na fari kwali shida, 300, waɗanda za su ba da kamar 282, su shigo ran 27 ga Oktoba. Ran 8 ga Disamba sun cika sati shida, a fara tsame manyan cikinsu, ran 15 sun cika bakwai daidai lokacin da kasuwa ta buɗe sosai. Kashi na biyu kwali huɗu, 200, masu ba da kamar 188, su shigo ran 3 ga Nuwamba, su cika sati bakwai ran 22 ga Disamba. Kowane kashi da ɗakinsa da mazubin ruwansa, domin kada ciwo ya tashi daga manya zuwa ƙanana. Idan masu sayenku irin masu son ƙatuwar kaza ne, wadda za a ɗaga a ji nauyi, sai a ja kwanakin baya da sati ɗaya ko biyu a kuma ƙara buhunan abinci. Ko ta wace hanya, a sa suna wurin dillalin 'yan tsaki tun ƙarshen Satumba, gama a Oktoba kowa nema yake, farashi ya hau, wani lokaci a ba ka rana a ɗaga. A kuma tuna makonnin farko na waɗannan 'yan tsaki suna faɗawa bakin hunturu ne, a tanadi gawayi ko fitila da abin rufe tagogi, a yi allurar rigakafi a kan lokaci.

Wani abin da littafinmu ba ya gani shi ne kajin wasu. A Disamba manyan gidajen gona sukan fitar da tsofaffin kajinsu masu ƙwai, mutane da yawa kuwa sun fi son su domin namansu ya fi tauri a miya. Kajin gida da zabi da talotalo su ma suna shigowa daga ƙauyuka. Saboda haka yana da kyau a aiki mutum biyu cikin Satumba su zauna da masu rumfa a Sabon Gari da dillalin 'yan tsaki, su ji ko bana mutane sun ɗauki kaji fiye da bara. In dillali ya ce kwalayen da aka yi masa oda sun ninka, to kasuwa za ta cika, a rage. Masu otal da masu abinci da ƙungiyoyin da suka ba da kafin alƙalami kuwa, a duba ko suna cikin cinikin shekarun baya. In suna ciki, matsakaici ya riga ya ƙirga su, kada a sake ƙarawa. Sabon mai saye ne kaɗai, wanda ya ajiye kuɗi, ake ɗorawa a kai.

Makon fari yana ba da labari

Bayan an fara sayarwa, kintacen bai gama aiki ba. Ran 14 ga Disamba da yamma a zauna a gwada abin da aka sayar da 70 ɗin da aka sa rai. In an sami tsakanin 60 da 80, a ci gaba. In kuwa 50 aka samu, watau biyar cikin bakwai na abin da aka zata, kuma sauran makonni suka bi wannan sawu, jimlar za ta tsaya wajen 336, kaji fiye da 130 za su ragu. Mako ɗaya ba hujja ce cikakka ba, wataƙila albashi ne ya makara. Amma ya isa a tashi tsaye tun kaji suna da daraja: a zagaya wurin masu gashi da masu abinci a Fagge da Kwaciri, waɗanda cinikinsu bai rataya ga Kirsimati ba, a nemi mai injin sanyi a yanka wasu a ajiye, a ɗan sassauta farashi ga mai ɗaukar goma. Ragin ɗari biyar ran 16 ga Disamba ya fi ragin dubu huɗu ran 10 ga Janairu sauƙi. In kuma 90 aka sayar, ba a iya ƙirƙiro kaza cikin mako guda. Abin yi shi ne a riƙe farashi, a keɓe na waɗanda suka ba da kafin alƙalami, a tuntuɓi 'yar'uwar ƙungiya mai rara, sa'an nan a buɗe shafin jan layi domin waɗanda za a sallama.

Bukukuwan da ke tafiya

Kirsimati tana da sauƙi domin ranarta ba ta motsi. Ista kuwa tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, Sallah kuma tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2023 an yi Ista ran 9 ga Afrilu, Ƙaramar Sallah ran 21 ga Afrilu. A 2024 Ista ta zo ran 31 ga Maris, Sallah ran 10 ga Afrilu. A 2025 sai suka juya, Sallah ran 30 ga Maris, Ista ran 20 ga Afrilu. Wanda ya tara cinikin "watan Afrilu" na waɗannan shekaru uku ya haɗa abubuwa uku daban: na fari yana ɗauke da bukukuwa biyu, na biyu Sallah kaɗai, na uku Ista kaɗai. Matsakaicinsu ba shi da ma'ana.

Maganinsa shi ne a daina ƙirga da wata, a ƙirga da nisan rana daga bikin. A rubuta ranar Sallah a kan shafi, a ja layi: saura sati uku, saura sati biyu, saura sati ɗaya, jajibiri, bayan Sallah. A jera shekarun a kan wannan layi, sa'an nan a tara. In bukukuwa biyu sun matso juna kamar yadda suka yi a waɗannan shekaru, a raba su ta wurin mai saye, na Sabon Gari a shafin Ista, na Kwaciri da Fagge a shafin Sallah. Haka nan a tuna bikin da ke tafiya yana canza yanayi. Adadin mutuwar da muka samu daga kajin hunturu ba zai yi wa kajin bazara ba, gama a Maris da Afrilu zafin Kano ne ke kashe manyan kaji ana gab da sayarwa. Babbar Sallah ma ta tashi daga 9 ga Yuli a 2022 zuwa 6 ga Yuni a 2025, watau tana fita daga damina tana komawa ƙarshen rani, lokacin da harawa da dusa suka fi tsada ga mai turken rago. Domin bikin da ke tafiya haka, shekaru uku na kusa sun isa, kada a koma nesa.

Ƙungiyar da ba ta da littafi ko kaɗan kada ta ce wannan magana ba tata ba ce. Bana ta kawo abin da ta tabbata za ta iya sayarwa, ta sayi littafin makaranta mai arba'in, ta raba kowane shafi gida biyar: kwanan wata, kai nawa aka sayar, a nawa, wa ya saya, da kai nawa aka nema ba a samu ba. A ƙasan shafin ƙarshe a rubuta ranar da kaya suka ƙare, ko adadin da ya ragu ran 1 ga Janairu. Littafin ya zauna a akwatin ƙungiya, ba a aljihun ma'aji ba, domin ma'aji yana sauka.